Yadda Za Ka Amsa Saƙon Mai Neman Ma'aikata Idan Aikin Ya Zo Ba a Kan Gaɓa Ba

Saƙon yakan zo ne ba zato ba tsammani, a LinkedIn ko ta imel, wani lokaci ma ta WhatsApp, daga mutumin da ba ka taɓa jin sunansa ba. Zai ce ya ga bayananka, kuma akwai wani gurbin aiki da yake ganin ya dace da kai, ko za ka sami minti goma sha biyar ku yi magana. Ka karanta, ka ga aikin ba na yasarwa ba ne, amma ka san cewa ko da an ba ka shi gobe ba za ka iya karɓa ba, domin ba ka daɗe da kama aikin da kake yi ba, ko akwai yarjejeniyar da ta ɗaure ka, ko wata hidimar gida ta hana ka motsi a wannan shekarar. A nan ne akasarin mutane suke yin ɗaya daga cikin kurakurai biyu, wato su yi shiru, ko kuma kara ta sa su rubuta "zan duba, in sha Allahu" alhali sun riga sun san amsar. Dukansu biyu asara ce, kuma na biyun ya fi muni, domin ya bar mutum yana jiran abin da ba zai zo ba.

Amsar da take aiki ita ce wadda ta ce "ba yanzu ba" a fili, sannan ta haɗa da abu biyu: watan da za a sake magana, da irin aikin da zai sa ka saurara idan lokacin ya yi. Domin a ga yadda ake yi dalla-dalla, za mu bi misalin wata akanta da ke aiki a wata masana'anta a Sharaɗa, cikin Kano. Ta kama aiki a watan Maris, sai ga saƙo a watan Yuli daga wani kamfanin nemo ma'aikata na Legas, ana neman manajan kuɗi a Abuja.

Mataki na farko: ka san wanda ya turo saƙon

Kafin a yi maganar riƙe hulɗa da mutum, sai an tabbatar mutumin na gaske ne, kuma wannan bincike ba ya cin fiye da minti goma. Ka buɗe shafinsa ka ga tun yaushe yake wannan sana'a, ka ga ko kamfanin da ya ambata yana da shafi mai ɗauke da ma'aikata na zahiri, sannan ka dubi adireshin imel ɗin da kyau, ko sunan kamfanin ne a bayan alamar @ ko kuwa adireshin kyauta ne da kowa zai iya buɗewa. Idan kamfanin na Najeriya ne, hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana da wurin bincike a intanet inda za ka rubuta suna ka ga ko yana da rajista. Alamar da ba ta ƙarya ita ce maganar kuɗi. Duk wanda ya nemi ka biya kuɗin fom, ko na horo, ko na gwajin lafiya kafin a gana da kai, ko ya nemi lambar BVN ko NIN a saƙon farko, ba mai neman ma'aikata ba ne, kuma bai cancanci ko amsa ba, balle a ajiye lambarsa.

Idan ya tsallake wannan, sai ka gane wane iri ne, domin iri biyu ne kuma amfaninsu gare ka ya bambanta. Akwai ma'aikacin cikin gida, wanda kamfanin da ke neman mutum shi ne yake biyansa albashi, kuma guraben wannan kamfani kaɗai yake cikewa. Riƙe shi yana da amfani ne gwargwadon yadda kake sha'awar kamfanin nasa. Akwai kuma na kamfanin dillanci, wanda yake nemo wa kamfanoni da dama ma'aikata, kuma sana'arsa ba ta da bambanci da ta dillalin da muka sani a kasuwa, illa dai la'adarsa daga wajen mai ɗaukar aiki take fitowa, ba daga wajenka ba. Galibi wani kaso ne na albashin shekarar farko na wanda aka ɗauka, kuma a yawancin yarjejeniyoyi idan mutumin ya bar aikin cikin watannin farko, dillalin ne zai nemo madadinsa kyauta ko ya mayar da wani ɓangare na kuɗin. Wannan shi ne dalilin da ya sa faɗa masa gaskiya ba ɓata masa rai ba ne. Mutumin da zai ja shi har zuwa ranar ba da takardar ɗauka sannan ya noƙe, shi ne yake jawo masa asara da kunya a gaban mai gidansa.

A misalinmu, akantar ta ga cewa mutumin dillali ne, kuma duk guraben da yake tallatawa a shafinsa na ɓangaren kuɗi da binciken asusu ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa ta riƙe shi, domin gurbin Abuja zai wuce, amma irinsa za su ci gaba da biyowa ta hannunsa.

Mataki na biyu: ka fitar da ranaku biyu, ba ɗaya ba

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan amsar gaba ɗaya. Kafin ka rubuta komai, ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki da duk wata yarjejeniya da ka sa wa hannu, ka karanta, kada ka dogara da abin da kake tunawa. Abin da kake nema shi ne tsawon lokacin gwaji, da tsawon notis ɗin barin aiki, da duk wani sharaɗi na mayar da kuɗin horo ko na karatu. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta sa mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku a aiki ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, da wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Sai dai wannan doka ta fi shafar leburori da ma'aikatan rubuce-rubuce na ƙananan matakai, don haka ƙwararre kamar akanta ko injiniya abin da kwantiraginsa ya faɗa shi ne abin bi, kuma a nan an fi samun wata ɗaya, ko wata uku ga manyan muƙamai.

Ga yadda lissafin akantar ya kasance. Masana'antar ta biya mata kuɗin darussa da na jarrabawar ICAN, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, mu ce naira 600,000, bisa sharaɗin za ta zauna har ƙarshen watan Maris na baɗi, in kuwa ta tafi kafin nan ta mayar da kuɗin. Jarrabawarta ta ƙarshe tana watan Nuwamba, kuma notis ɗin da ke kwantiraginta wata ɗaya ne. Idan ta miƙa notis ranar 1 ga Afrilu, za ta iya fara sabon aiki ranar 1 ga Mayu. Wannan ita ce rana ta farko, ranar da za ta iya kama aiki.

Amma idan ta ce wa dillalin ya neme ta a Mayu, ta yi kuskuren wata uku. Ba a miƙa notis sai takardar sabon aiki tana hannu, kuma daga maganar farko zuwa takardar akwai intabiyu biyu ko uku, da jiran amsa, da cinikin albashi, wanda ta ƙiyasta zai ci wata biyu. Idan aka ƙirga baya daga 1 ga Afrilu, za a sauka a ƙarshen Janairu. Wannan ita ce rana ta biyu, ranar da ya kamata a fara magana, kuma ita ce dillalin ya fi buƙata domin ita zai sa a kalandarsa. Duk wanda ya ba da rana ɗaya kawai ya bar wa dillalin aikin zato, shi kuwa ba zai tsaya zato ba, zai wuce ga na gaba.

Wannan lissafi yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba, domin wani lokaci yakan nuna cewa lokacin bai ɓaci kamar yadda ake tsammani ba. Da abin da ya ɗaure akantar naira 600,000 ɗin nan ne kawai, kuma sabon aikin ya fi nata da naira 250,000 a wata, to cikin wata uku bambancin albashin ya rufe bashin, kuma akwai kamfanonin da sukan yarda su biya irin wannan kuɗi da kansu idan suna son mutum. Idan cikas ɗinka na kuɗi ne zalla, ka yi lissafin kafin ka ce a'a. Ita kuwa nata ya wuce kuɗi: jarrabawa tana gabanta, muƙamin manaja yakan buƙaci wanda ya kammala ta, kuma barin aiki bayan wata huɗu tabo ne da za ta riƙa yi wa bayani a kowace intabiyu ta shekaru masu zuwa. Saboda haka amsarta ta tabbata a'a ce.

Mataki na uku: rubuta amsar

Ka amsa cikin kwana biyu ko uku na aiki. Dillali yakan tura saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda kuma yana da wa'adin miƙa sunaye, don haka amsar da ta zo bayan mako uku ta sami teburin a kwashe. Idan ta LinkedIn saƙon ya zo a matsayin InMail, wato saƙon da mai biyan kuɗi yake tura wa wanda ba su haɗu ba a manhajar, akwai wani ƙaramin alheri da amsarka take yi masa ba tare da ka sani ba: adadin irin waɗannan saƙonni da yake da shi a ƙidaye yake, kuma idan aka amsa cikin kwana 90, ko da amsar ta ƙi ce, ana mayar masa da wanda ya kashe. Sai dai kada ka wadatu da danna maɓallin ƙin amincewa da manhajar take nuna maka, domin wannan ba ya bar masa komai da zai rubuta a kanka. Ka rubuta da hannunka, kuma ka amsa ta hanyar da saƙon ya zo, daga wayarka ko imel ɗinka na kanka, ba daga imel ɗin ofis ba, domin wancan na kamfani ne kuma masu kula da na'urori suna iya ganin abin da ke ciki.

Akasarin irin waɗannan saƙonni da Turanci suke zuwa, ko da Faransanci ga wanda ke Nijar, kuma da harshen da aka rubuto za a mayar, amma ginin amsar bai canja ba. Ga ta akantar:

"Barka da yini, Malam. Na gode da tuntuɓata kan gurbin manajan kuɗi na Abuja. Ba zan iya neman wannan gurbi ba, domin na kama aikina na yanzu a watan Maris kuma akwai alkawarin da nake son cikawa a nan zuwa ƙarshen Maris mai zuwa. Zan kammala jarrabawar ICAN a Nuwamba, kuma daga ƙarshen Janairu zan so mu yi magana kan guraben da za a fara a Mayu ko bayansa. Abin da zai ja hankalina shi ne muƙamin manajan kuɗi ko babban akanta a masana'anta ko kamfanin rarraba kaya, a Kano, Kaduna ko Abuja. Zan turo maka gayyatar haɗuwa a nan domin mu riƙe juna, kuma ni da kaina zan neme ka a Janairu in Allah ya kai mu."

Jimla biyar ce bayan gaisuwa, kuma kowace da aikinta. Ambaton sunan gurbin ya nuna ta karanta saƙon, ba amsar da ake manna wa kowa ba ce. Ƙin ya zo da wuri kuma babu kwana-kwana, ta yadda ko jimla biyu kawai ya karanta ya san matsayinta. Dalilin gajere ne kuma yana ƙara mata daraja, domin mai cika alkawari a wurin da yake, shi dillali yake so ya kai wa mai gidansa. Maganar ICAN kuwa tana sanar da shi cewa a Janairu za ta fi yanzu tsada. Jimlar da ta bayyana irin aikin da take so ita ce mafi amfani a cikin duka, saboda dillalai suna ajiye bayanan mutane a rumbun kwamfuta, kuma idan sabon gurbi ya zo da kalmomi suke bincike: muƙami, gari, fanni, da watan da mutum zai samu. Wanda ya rubuta "ina maraba da duk wata dama mai kyau" bai ba da ko kalma ɗaya da za a nemo shi da ita ba.

Game da dalili, ba dole ba ne ka faɗi na gaskiya dalla-dalla idan na gida ne. Mai juna biyu, ko mai jinyar mahaifi, ko wanda ke shirin aure, ya ishe shi ya ce akwai uzurin da zai hana shi sauya aiki zuwa wata kaza. Abin da ka rubuta yana iya zama a rumbun nan shekaru, kuma abokan aikin dillalin da ba ka sani ba za su karanta. Abin da bai halatta ba shi ne ƙirƙiro dalilin ƙarya, kamar ka ce an ƙara maka girma alhali ba a yi ba, domin da'irar kowace sana'a ƙarama ce kuma magana tana zagayawa. Haka nan kada ka kai ƙarar wurin aikinka, ko da kuwa albashi yana makara ko shugabanka ya ishe ka. Mai yiwuwa kamfanin naku ma abokin cinikin dillalin ne, kuma ko ba haka ba, ka nuna masa cewa a matse kake, wanda hakan zai rage maka ƙarfi ranar da aka zo cinikin albashi.

Wani abin lura shi ne yawan ban-haƙuri. Tarbiyyarmu ta sa muna jin nauyin ce wa mutum a'a, musamman wanda ya zo da alheri, sai ka ga saƙo ya cika da "don Allah a yi haƙuri" sau uku da addu'o'i sahu-sahu har ainihin maganar ta nutse. Godiya ɗaya ta isa. Ba laifi ka yi masa ba, kuma shi a wayarsa yake karantawa tsakanin kira da kira.

Abin da zai biyo baya

Dillali mai ƙwazo ba ya tsayawa a a'a ta farko, kuma abu uku ya fi yawan nema. Na farko shi ne ka turo takardar tarihin karatu da aikinka domin ya ajiye. A nan ina ba da shawarar a yi taka-tsantsan, musamman da na kamfanin dillanci. Wasu sukan ɗauki takardar mutum su tura wa kamfanoni ba da saninsa ba domin su riga wasu dillalan, kuma illar hakan iri biyu ce. Takardar tana iya faɗawa hannun wanda ya san shugabanka, sannan idan daga baya ka nemi aiki a wannan kamfani da kanka ko ta hannun wani dillali, sai a shiga jayayyar wanda ya fara kawo ka kuma wa za a biya la'ada, kuma akwai kamfanin da zai gwammace ya bar ka da ya shiga wannan rigima. Akantar ta amsa da cewa bayananta na LinkedIn cikakku ne, kuma za ta turo sabuwar takarda a Janairu bayan ta kammala jarrabawa, wanda gaskiya ne kuma bai ɓata wa kowa ba. Idan kai ka zaɓi ka tura, ka rubuta a cikin saƙon cewa ba ka yarda a miƙa ta ga kowane kamfani ba sai an faɗa maka sunansa ka amince. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba ka damar janye amincewarka da kuma neman a goge bayananka, amma hana abu fita ya fi sauƙi a kan janyo shi bayan ya fita.

Na biyu shi ne tambayar albashinka na yanzu. Kada ka faɗa. Duk adadin da ka ambata a Yuli shi za a buɗe a Janairu, kuma a kansa za a ɗora tayin da za a yi maka, alhali darajar naira da taka ƙwarewar duk sun motsa. Ka juya tambayar cikin ladabi, ka ce tun da ba yanzu kake nema ba ba ka tsayar da adadi ba, amma za ka so ka san abin da aka ware wa wannan gurbi. Sau da yawa zai faɗa, kuma ka sami labarin kasuwa kyauta.

Na uku shi ne ya ce ku dai yi magana ta minti goma sha biyar, ba tare da wani alkawari ba. Wannan ya danganta da nisan ranarka. Idan maganar za ta buɗe nan da wata shida ko ƙasa, kamar ta akantar, karɓa ya fi, domin wanda aka ji muryarsa an fi tuna shi a kan wanda aka karanta saƙonsa kawai. Ka sa kiran bayan tashi daga aiki ko lokacin hutun rana, a wajen ofis, ka maimaita matsayinka a minti na farko, sannan ka yi amfani da sauran wajen tambaya: waɗanne kamfanoni yake yi wa aiki a yankinka, wace ƙwarewa aka fi nema yanzu, me yake hana mutane irinka tsallake intabiyu. Idan kuwa ranar taka ta kai shekara biyu, kiran ɓata lokacin ku biyun ne, kuma saƙo ya wadatar. Abin da ba za ka yi ba ko kaɗan shi ne shiga intabiyu da kamfanin domin gwada sa'a ko ganin farashinka, alhali ka san ba za ka karɓa ba. Ranar da ka ƙi tayin, dillalin da kamfanin duk ka rufe ƙofarsu.

Akwai kuma abin da za ka iya ba shi ba tare da ya roƙa ba, wato sunan wani da ya dace da gurbin. Babu abin da yake sa dillali ya riƙe sunan mutum kamar wannan, amma da sharaɗi biyu. Ka fara tambayar mutumin kafin ka ba da lambarsa, domin ba ka san halin da yake ciki da wurin aikinsa ba, kuma ka ba da wanda ya cancanta da gaske, ba ɗan'uwa ko ɗan unguwa da ke zaman jiran aiki ba don kawai tausayi. Akantar ta tuna wani abokin karatunta da ya riga ta kammala ICAN kuma yana Abuja, ta kira shi da yamma, ya amince, washegari ta haɗa su a saƙo ɗaya. Idan babu wanda ya dace, ka yi shiru da maganar, domin suna mara kyau ɗaya ya isa ya sa a daina ɗaukar shawararka da muhimmanci.

Riƙe igiyar zuwa ranar da aka sa

A ranar da ka amsa, ka tura masa gayyatar haɗuwa a LinkedIn. Da zarar ya karɓa, saƙo tsakaninku ya zama kyauta, kuma idan ya sauya kamfani za ka gani, wanda abu ne da ke yawan faruwa a wannan sana'a, har imel ɗin da ka ajiye ya mutu ba ka sani ba. Sannan ka rubuta wa kanka bayani a wuri ɗaya da ba zai ɓace ba: sunansa, kamfaninsa, gurbin da ya kawo, albashin da ya ambata in ya ambata, da abin da ka ce masa. Ka sa tunatarwa a kalandar wayarka a ranar da ka yi alkawari. Wannan nauyi a kanka yake, domin shi yana magana da ɗaruruwan mutane, kuma ko da ya ce zai neme ka, kada ka gina komai a kan hakan.

Tsakanin yanzu da ranar, ba a buƙatar yawan tuntuɓa. Gaisuwar Juma'a duk mako da hotunan barka da safiya ba sa ƙara komai a irin wannan hulɗa, sukan ma sa a rufe sautin mutum. Saƙo ɗaya mai ɗauke da labari ya wadatar, kamar ranar da sakamakon jarrabawa ya fito akantar ta rubuta masa layi biyu ta sanar da shi ta ci. Kada kuma ka yi gaggawar kunna alamar Open to Work ta LinkedIn, mai nuna kana neman aiki, tun lokaci bai yi ba. Idan lokacin ya yi, zaɓin Recruiters only, wato masu neman ma'aikata kaɗai, yana ɓoye ta daga jama'a, kuma LinkedIn yana ƙoƙarin ɓoye ta daga masu ɗaukar ma'aikata na kamfaninku, amma shi da kansa ya bayyana cewa bai ba da tabbacin cikakken sirri ba.

Idan Janairu ya zo, ka koma cikin tsohon zaren saƙon maimakon buɗe sabo, domin ya ga tarihin maganar a sama ba sai ya yi ta lalube ba. Akantar ta rubuta: "Barka da yini, Malam. A Yulin bara ka tuntuɓe ni kan gurbin manajan kuɗi a Abuja, na ce zan neme ka a ƙarshen Janairu. Na kammala ICAN, kuma zan iya fara sabon aiki daga 1 ga Mayu. Ga sabuwar takardata, da sharaɗin a sanar da ni kafin a miƙa ta ga kowane kamfani. Ko za ka sami lokaci mu yi magana a wannan makon?"

Idan kuwa ranar ta zo amma halinka ya canja, wataƙila an ƙara maka girma ka yanke shawarar zama, ko uzurin gida ya tsawaita, duk da haka ka rubuta ka faɗa, tare da sabon wata idan akwai. Ɗage rana sau ɗaya ba ya ɓata komai, amma wanda ya ɗage sau uku za a sa shi cikin masu son a riƙa zawarcinsu kawai. Haka nan idan ka rubuta ba a amsa ba, ka jira mako guda ka sake tura layi ɗaya, sannan ka duba shafinsa ko har yanzu yana kamfanin. In ya koma wani wuri, ka bi shi can da saƙo, sannan ka nemi wanda ya gaji teburinsa a tsohon kamfanin ka ambata masa watan da kuka yi magana, domin bayanan da aka rubuta a kanka suna nan a rumbunsu ko da wanda ya rubuta su ya tafi.